Jan ƙafa da ƙwallo a kotu: yadda fassarar kalma da kalma ke ɓata saƙo

Zariya gari ne da ya daɗe da sanin aikin fassara. A nan Hukumar Fassara ta zauna tun farkon shekarun 1930, a nan kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a shekarar 1939, wadda sunanta kansa ba ya fassaruwa kalma da kalma ba tare da ya rasa armashinsa ba, domin kwabon da ake nufi shi ne kuɗin jaridar, kuma duk wanda ya miƙa kwabonsa ya san abin da ake gaya masa. A wancan zamani fassara aikin mutane ƙalilan ne da suke zama su auna kowace jimla kafin ta shiga injin ɗab'i. Yau kuwa sakataren ƙungiya, da malamin asibiti, da shugaban makaranta, da ɗalibin da ke Samaru ko Kongo, kowa ya zama mai fassara, saboda saƙo yakan zo da Turanci a waya, a ce masa ya mayar da shi Hausa ya tura wa jama'a kafin la'asar. A irin wannan gaggawa ne ake yin kuskuren da nake son in warware a nan.

Abin da ake kira salon magana shi ne 'yan kalmomi da suka haɗu suka dunƙule, har ma'anarsu ta daina zama jimillar ma'anar kowace kalma. Bahaushe yana cin bashi, yana cin jarrabawa, yana cin amana, yana cin kasuwa, yana cin sarauta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya bi ta maƙogwaro. Yana shan wahala, yana shan iska, yana shan alwashi. Hanya mafi sauƙi ta gane cewa magana ta dunƙule ita ce a canja kalma ɗaya da 'yar'uwarta a ga ko ma'anar za ta tsira. Ana cewa mutum yana da farin jini, amma idan aka ce yana da jan jini, wanda shi ne ainihin launin jinin, maganar ta tashi daga ƙauna da karɓuwa ta koma ɗakin gwaji. Ana cin amana, ba a tauna ta. Duk maganar da ta ƙi yarda a taɓa mata kalma ɗaya, to kalma guda ce a haƙiƙa, sai dai an rubuta ta da sarari a tsakani. Mai fassarar da ya bi sararin nan ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya nemo wa kowace gunduwa takwararta a ƙamus, ya yi daidai da wanda ya raba kalmar «makaranta» gida huɗu yana neman ma'anar kowace gaɓa.

Wannan matsala ta fi tsanani a gajeren saƙo fiye da ko'ina. A hira ta baki da baki, idan aka yi maganar da ba ta shiga ba, fuskar mai sauraro za ta nuna, mai magana ya sake faɗa. A littafi akwai shafuka kafin jimlar da bayanta waɗanda za su haskaka ta. Saƙon waya kuwa layi uku ne ko huɗu, ba murya, ba fuska, kuma sau da yawa an tura shi daga hannu zuwa hannu har wanda ya rubuta shi ya yi nisa. A ƙauyukan da ke kewaye da mu, ta wajen Giwa ko Soba ko Maƙarfi, sau da dama ma wanda aka aika wa saƙon ba shi ke karantawa ba, yaro ne ɗan makaranta zai karanta wa mahaifinsa da ƙarfi, mahaifin kuma ya gina shawararsa a kan abin da kunnensa ya kama.

Bari in kawo misali guda in bi shi daki-daki. Na haɗa shi ne daga irin jimlolin da ake yawan gani a saƙonnin ƙungiyoyi. A ce wata ƙungiyar manoman masara ta yi odar takin zamani, kamfa da yuriya, ya yi jinkirin isowa har damina ta kankama, sannan jami'in da ke hulɗa da dillali ya turo wa sakatare wannan saƙo ya ce a sanar da mambobi:

«The fertiliser has arrived, and we are not pulling your leg. We need all hands on deck on Saturday. At the end of the day, the ball is in your court. Sorry for the delay, please bear with us.»

Idan sakatare ya bi shi kalma da kalma, abin da zai fita shi ne kusan haka: «Taki ya iso, kuma ba ma jan ƙafarku. Muna buƙatar duk hannaye a kan bene ranar Asabar. A ƙarshen ranar, ƙwallon yana cikin kotunku. Ku yi haƙuri da jinkiri, ku ɗauka tare da mu.» Kowace kalma a nan tana da hujja a ƙamus, kuma nahawun jimlolin bai karye ba. Duk da haka akwai salon magana guda biyar a cikin layukan nan, kuma babu ko ɗaya da ya iso da ransa.

Kurakuran ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu shi ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Akwai wanda yake fitowa shirme tsagwaronsa, kamar hannaye a kan bene. Asalin maganar kiran ma'aikatan jirgin ruwa ne su fito daɓen jirgi gaba ɗaya idan aiki ya taso, kuma hannun da ake nufi shi ne ma'aikacin kansa. Manomin da ya ji wannan zai tsaya ya ce, «Kai yaro, sake karantawa», in ya ga ba ta fita ba ya kira sakatare ya tambaya. Irin wannan kuskure yana zubar da ƙimar mai saƙo, amma ɓarnarsa kaɗan ce, domin yana tona asirin kansa.

Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya faɗo a kan wata maganar Hausa da take da tata ma'anar tun asali. A Turanci, jan ƙafar mutum zolayarsa ce, wato a gaya masa abin da ba haka ba ne don wasa. A Hausa kuwa jan ƙafa shi ne nawa da jinkirta aiki da gangan. Kunnen Bahaushe da ya ji «ba ma jan ƙafarku» zai ja maganar zuwa ga wadda ya sani, ya fahimci cewa shugabanni suna wanke kansu daga zargin jinkiri, alhali ga shi a ƙarshen saƙon suna ba da haƙuri kan jinkirin. Mutumin da ya yi makonni yana kallon masararsa tana yin ɗorawa zai ga an raina masa hankali ne, kuma ba zai kira kowa ya tambaya ba, domin a ganinsa ya gane saƙon sarai.

Haka «a ƙarshen ranar» take. Mai Turancin bai nufi wani lokaci ba ko kaɗan, abin da yake cewa shi ne «duk dai abin da ake ciki», ko «magana dai ita ce». Amma da yake jimlar da ta gabata ta ambaci Asabar, Hausar ta ɗaure maganar da yammacin Asabar, sai aka wayi gari an ƙirƙiro wa'adin da babu wanda ya sa shi. Sai kuma kotu. Kalmar Turancin tana nufin filin wasan tanis, tana kuma nufin ɗakin shari'a, kuma ƙamus yakan fara kawo na biyun. Ma'anar salon maganar ita ce mun yi namu, saura naku. To a tuna cewa waɗanda ake aika wa saƙon mutane ne da wasunsu ke da ragowar bashin bara a kansu. Wa'adi da kotu a jimla guda, ga wanda ake bi bashi, barazana ce ƙarara, kuma mai yiwuwa ne wanda ya fi buƙatar takin ya zama shi ne zai ƙi zuwa. Ta ƙarshen ma ba ta tsira ba: «ku ɗauka tare da mu» a saƙon da ke maganar buhuna za a ji ta ne a matsayin kiran dako, alhali roƙon haƙuri ce kawai.

Saboda haka alamar da na fi tsoro a fassara ita ce jimlar da ta zauna lafiya a Hausa ba tare da na sha wahalarta ba, musamman idan akwai sunan wata gaɓa ta jiki a ciki. Hannu da ƙafa da ido da kunne da baki da ciki su ne wuraren da kowane harshe ya fi tara salon maganarsa, shi ya sa suka fi yawan karo da juna. Bature idan ya ce a ba shi hannu taimako yake nema, Bahaushe idan ya ba ka hannu gaisawa kuka yi. Idan aka ce sa hannu kuma, ana iya nufin rattaba hannu a takarda, ana iya nufin shiga cikin wani lamari. Sa ido yana dacewa da na Turanci wani lokaci, amma yana ɗauke da ɗan warin shisshigi, kamar yadda ake cewa ɗan sa ido, don haka saƙon asibiti da ke son uwa ta lura da zazzaɓin ɗanta ya fi kyau ya ce «ki riƙa duba jikinsa».

Yadda ake ɗauko ma'ana kuwa yana farawa ne da ajiye rubutun gefe. Mai fassara ya karanta saƙon duka, ya kifa wayar, ya tambayi kansa: wa ake so ya yi me, yaushe, a ina, kuma da wace murya ake gaya masa? Idan ya kasa amsa ɗaya daga cikin tambayoyin nan, to bai kai ga fara fassara ba tukuna. A misalinmu, da sakatare ya yi haka zai tarar cewa maganar ƙwallo ta ɓoye wani abu. An ce saura naku, to me ya rage musu su yi? Su biya kuɗi ne, ko su zo su ɗauka, ko su rubuta suna? Salon magana yakan ba mai rubutu damar jin ya faɗi abu alhali bai faɗe shi ba, kuma fassara ce take tona wannan. Maganinsa kiran waya na minti ɗaya: «Yallaɓai, wannan wuri me kake son su yi?» A ce jami'in ya amsa cewa ana son a taru ƙarfe 8 na safe a sauke kaya daga tirela zuwa sito, kuma duk mai so ya biya kafin Laraba. Yanzu an samu abin fassarawa.

Daga nan kowane salon magana yana da ɗaya daga cikin makoma uku: a samo masa takwara a Hausa, ko a faɗi ma'anarsa a fili, ko a bar shi gaba ɗaya. Mutane sun fi son ta farko domin ita ce mai daɗin ji, kuma a nan ne masu ƙwarewa ma suke zamewa, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Mai Hausa a baki da ya ga maganar ƙwallo, nan take zai tuna «wuƙa da nama suna hannunku» ko «dabara ta rage ga mai shiga rijiya». Dukansu Hausa ce tsantsa, amma babu wadda ta yi daidai. Wuƙa da nama magana ce ta cikakken iko, a yanka inda aka ga dama, alhali mambobin nan ba a ba su ikon komai ba, an dai ce lokacin motsinsu ya yi. Mai shiga rijiya kuwa ana gaya masa haka ne bayan an gargaɗe shi, mai maganar yana zare hannunsa daga abin da zai biyo baya, kuma ƙungiyar da ta jawo jinkiri ba ta da bakin yi wa mambobinta wannan murya. Karin magana yana zuwa da matsayin mai faɗarsa. Dattijo zai iya jefa wa matashi karin maganar da matashi ba zai iya mayar masa ba, kuma sakataren da bai wuce shekara talatin ba yana rubuta wa sa'o'in mahaifinsa ne. Idan takwarar ta dace a ma'ana amma ta saɓa a murya, faɗar magana a fili ta fi ta aminci.

Kiran hannaye kuwa yana da 'yan takara biyu masu kyau. «Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka» ta dace da ruhin maganar, sai dai bayani ce kan amfanin haɗin kai, ba ta ce wa kowa ya fito ba, don haka sai dai ta zo a matsayin ƙari bayan an yi kiran. «Aikin gayya» ta fi kusa, kuma manomi ya san ta tun yana yaro, amma gayya tana da nata al'adu, ciki har da cewa mai gayya yakan ciyar da waɗanda suka zo. Idan ƙungiya ba ta shirya ko kunu ba, gara ta ce «muna buƙatar kowa ya zo» ta tsaya a nan.

Maganar zolaya ita ce wadda zan yar. Jami'in ya sa ta ne don ya sassauta zukata bayan alkawuran da suka gabata, amma «ba wasa muke yi ba» a saƙon Hausa na hukuma tana tayar da shakkar da take son kwantarwa. Aikinta duka shi ne tabbatarwa, kuma kalma ɗaya ta isa ta yi shi. «A ƙarshen rana» ma ba ta ɗauke da wani labari, cikon baki ce, zubar da ita ba ya rage komai. A madadinsu akwai abin da Turancin bai kawo ba amma Hausa ba ta yafe shi, wato sallama, domin saƙon da ya faɗo wa dattawa ba gaisuwa ya riga ya yi laifi kafin a karanta shi. Ga abin da zai fita:

«Salamu alaikum. Taki ya iso, tabbas. Muna buƙatar kowa ya zo ranar Asabar ƙarfe 8 na safe a sauke shi. Wanda yake so ya biya kafin Laraba. A yi haƙuri da jinkiri.»

Wani zai ce wannan ai ba fassara ba ce, sabon rubutu ne, tunda babu salon magana ko ɗaya da ya rage. Amsata ita ce a duba abin da jami'in yake so ya faru: a gaskata shi, a fito ranar Asabar, a biya, a yafe masa. Duk huɗun suna nan. Abin da aka rasa shi ne ɗan raha da ke cikin muryarsa, kuma na yarda asara ce, amma asara ce da saƙon sanarwa zai iya ɗauka. Da waƙa ce ko labari ake fassarawa, da lissafin ya canja, domin a can salon shi ne kayan da aka ɗauko.

Akwai kuma iyakar da dole a faɗa, don kada a ɗauka duk abin da ya yi kama da Turanci ɓatacce ne. Muna cewa «ɗaukar mataki», muna cewa wane ya «taka rawa» a wani al'amari, kuma dukansu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu na Turanci, amma rediyo da jarida sun maimaita su har kunne ya saba, babu mai tuntuɓe da su. Ma'aunin dai shi ne ko mai karɓar saƙon ya riga ya san maganar da wannan ma'ana. Harshe yana karɓar baƙi a hankali, ta bakin mutane da yawa cikin shekaru, kuma saƙon da lafiyar wani ko kuɗinsa ya rataya a kai ba wurin gwada sabuwar magana ba ne.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake, idan ana fita daga Hausa. Ɗalibin da ya rubuta wa malaminsa wanda ba Bahaushe ba cewa matar yayansa «ta sauka», ya kuma fassara saukar da kalmar saukowa daga mota, bai sanar da haihuwa ba. Wanda ya ce mahaifinsa «ya riga mu gidan gaskiya» ya bi ta kalma da kalma, zai iya samun amsar da ke tambayar yaushe zai dawo. Mu da kanmu mun saba da «ina zuwa» da mutum ke faɗa yana fita daga ɗaki, har ta shiga Turancin Nijeriya a yadda take, amma baƙon da bai zauna da mu ba zai tsaya yana kallon ƙofa.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda na fi dogara da shi, kuma ba ya cin ko sisi. Kafin a tura, a samu mutum ɗaya wanda bai ga Turancin ba, zai fi kyau ya kasance irin waɗanda za su karɓi saƙon, a karanta masa sau ɗaya da ƙarfi. Kada a tambaye shi ko ya gane, domin kunya za ta sa ya ce ya gane. A ce masa, «Baba, in kai aka turo wa wannan, me za ka yi?» Idan ya ce zai je Asabar da safe, ya kuma nemi kuɗi kafin Laraba, fassara ta yi. Idan ya yi shiru, ko ya ce «wace kotu?», an kama kuskuren tun bai fita gida ba. Wanda ya yi fassarar ba zai iya yi wa kansa wannan gwaji ba, saboda Turancin yana nan a kansa yana cike masa duk giɓin da Hausar ta bari.

Saura wani abu na fasaha da yake matsa wa mai fassara lamba ba tare da ya sani ba. Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk haruffan na gama-gari ne, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, wayar takan koma wani tsarin da saƙo guda ke ɗaukar 70 kawai, idan kuma ya zarce a yanka shi kashi-kashi, kowane kashi 67. Saƙon da muka gyara a sama ya ɗan haura 160, don haka da lanƙwasarsa zai tafi a kashi uku, alhali in an cire lanƙwasa aka rage kalma ɗaya zai shiga guda. Ƙungiyar da ke biyan kuɗin kowane kashi ga ɗaruruwan mambobi za ta so a cire. A wannan saƙo cirewar ba ta da illa, domin «karfe 8» da «hakuri» ba sa rikita kowa. Amma akwai kalmomin da lanƙwasar ce kaɗai ta raba su, kamar baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, kuma salon magana, da yake ba shi da mahallin da zai tallafe shi a gajeren saƙo, shi ne ya fi saurin rushewa idan aka cire ta. Idan dole ne a tura ba lanƙwasa, sai a sake bin saƙon kalma-kalma ana neman irin waɗannan tagwaye, duk inda aka samu ɗaya a canja ta da kalmar da ba ta da abokiyar rikici, sannan a sake karanta wa mutumin nan da bai ga Turancin ba.